Motar da na ɗora a hoton titi ta ƙi zama a ƙasa, kamar tana shawagi

Abba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa fosta ne ta wata makarantar koyon tuƙi. Mai makarantar ya turo min hoton titin da suke koyarwa a kai, babu kowa a cikinsa, sai katanga dama da hagu da turakun wuta da wani allon sanarwa. Ya ce in sa masa Corolla tana fuskanto mu, can baya kuma in ƙara babur ɗaya. Na samo hoton motar, na yanke ta tsaf a Photoshop, na ɗora. Amma duk wanda ya gani sai ya ce ɗori ne. Tayoyin ba su kama kwalta ba. Ga hoton nan na saka. Me ya kamata in yi?

Mubarak: Wa alaikumus salam. Inuwa ce babu. Danna leyar motar sau biyu, ka kunna Drop Shadow, ka ƙara Distance da Size. Minti ɗaya ka gama.

Abba: Na gwada shi Oga Mubarak. Sai ta koma kamar sitika a jikin bango.

Hajara: Dole ta koma haka. Drop Shadow siffar abin yake kwafa ya ajiye a bayansa, kamar akwai bango dab da shi. Yana yi wa rubutu da tambari kyau. Inuwar mota kuwa a ƙasa take kwanciya, tana bin shimfiɗar titi.

Malam Nura: Wa alaikumus salam Abba. Na buɗe hoton na duba sosai. Gaskiyar Hajara ce game da Drop Shadow, amma ka ajiye maganar inuwa tukuna, domin ko wace irin inuwa ka zana wa wannan motar ba za ta zauna ba. An ɗauki titin da motar ne daga tsayi daban-daban.

Fara da titin. Buɗe sabuwar leya, ɗauki Line Tool, ka ja layi a kan gefen kwalta na dama ka miƙa shi har can ciki. Ja wani a kan gefen hagu, wani a saman katanga, wani a gindinta. Za ka ga duk sun taru a ɗigo ɗaya. Danna Ctrl+R, ka jawo layin jagora a kwance ya ratsa ta kan wannan ɗigon. Shi muke kira layin ido. Daidai tsayin da kyamara take ne daga ƙasa lokacin da aka ɗauki hoton. Duk abin da ke tsaye a kan wannan titin, kusa ko nesa, layin zai yanke shi a wannan tsayin. In kyamara tana mita 1.5, to mutum mai mita 1.5 kansa zai taɓa layin, ko yana gabanka ko yana ƙarshen layi.

Gaya min girman hoton, da inda layin ya faɗo.

Abba: Hoton 4000 ne a 3000. Na ja layukan, sun haɗu. Layin ya faɗo wajen fiksel 1400 daga sama. Amma ban san tsayin wanda ya ɗauki hoton ba Malam.

Malam Nura: Katangar hagu za ta gaya maka, tunda ba a yi mata filasta ba. Bulonmu tsayinsa inci 9 ne, santimita 22.5, in ka haɗa da simintin tsakani kowane jeri yana kai wajen santimita 25. Ƙirga jeri nawa ne daga ƙasa zuwa inda layin ido ya ratsa.

Abba: Shida, kusan cif.

Malam Nura: To mita 1.5 ke nan. Mutum ne a tsaye ya ɗaga waya daidai fuskarsa.

Yanzu duba Corolla. Tsayinta wajen mita 1.45 ne. Ka ga rufinta ya kamata ya zo dab da layin ido, ƙasa da shi kaɗan, duk inda ka ajiye ta a titin. Kuma mai kallo daga wannan tsayin zai ga saman bonet a shimfiɗe sosai, rufin kuwa sai ɗan siriri. A hotonka bonet ɗin kusan ba a ganin samansa, fitilu da bamba ne suka cika ido. Wanda ya ɗauki motar tsugunawa ya yi.

Kana iya tabbatarwa da layi biyu. A gefen motar da ake gani, ja layi ya taɓa ƙasan tayar gaba da ƙasan tayar baya. Ja wani ya taɓa samansu. Miƙa su har su haɗu. Inda suka haɗu yana kan layin ido na hoton motar. Ni da na ja, layin saman tayoyin a kwance ya fito sak, wato kyamarar tana daidai tsayin taya, wajen santimita 60. Masu tallar mota suna son wannan tsugunon domin yana ƙara wa mota kwarjini.

Yanzu ka ga tarkon. In ka daidaita layin idon motar da na titin, saman tayoyin ne zai hau inda jeri na shida yake, motar ta koma mai tsayin fiye da mita uku da rabi. In ka rage ta ta yi girman Corolla, layukan tayoyinta ba za su bi shimfiɗar titin ba, sai ido ya ga kamar ta ɗaga hanci ko tana lilo. Abin da mutane suke gani ke nan suke ce maka ɗori ne, ko da ba su iya faɗin dalili ba.

Sadiq: Malam Nura, da girmamawa, ai wannan abu ne mai sauƙi. Edit > Perspective Warp. Ka zana fuska biyu, ɗaya a gaban motar ɗaya a gefenta, ka haɗe su, ka ja kusurwoyin har layukan su nufi ɗigon titin. Na sha yi wa gine-gine haka kuma yana fita.

Malam Nura: A gine-gine yana fita, Sadiq, domin bango shimfiɗaɗɗe ne. Mota tana da sama. Saman bonet ɗin da kyamara ba ta gani ba babu shi a cikin hoton, ba wani jan kusurwa da zai fito da shi. Sannan ka lura da tayoyi. Taya da'ira ce, in an kalle ta a karkace sai ta zama mai siffar ƙwai, kuma gajeren ɓangaren wannan siffar yana bin layin ƙarfen da ya haɗa tayoyin dama da hagu. Da zarar ka ja motar da yawa, siffar ta kauce daga wannan layin, tayar ta fito kamar rim ya lanƙwashe. Ido ba ya yafe wannan.

Sadiq: Na yarda in bambancin ya yi yawa. Amma in tsakanin mita 1.3 ne da 1.5 fa? Ba zan koma neman wani hoto saboda wannan ba.

Malam Nura: A wannan kam ja abinka, babu laifi. Na Abba tsakanin 0.6 ne da 1.5.

Sadiq: Ni dai na taɓa gyara wanda ya fi haka, kwastoma bai ce komai ba.

Hajara: Kwastoma ba ya cewa komai in a waya ya gani. Ranar da aka buga bana mai ƙafa goma a bakin titi ne ake gane aiki.

Abba: To yanzu in nemi wani hoton motar ke nan?

Hajara: Me zai sa ka nema? Makarantar tuƙi ce fa, motar tana nan a ƙofarsu da alamar L ɗinta. Je ka ɗauka da kanka. Ka tambayi mai makarantar wayar da aka ɗauki titin da ita, ka yi amfani da ita ko irinta, a kan 1x, kar ka jawo kar ka buɗe zuwa 0.5x. Ka tsaya a tsaye, waya daidai fuska, kar ka duƙar da ita. Kuma a daidai lokacin da aka ɗauki titin, rana tana ɓangare ɗaya.

Baffa: To in zai je har can da waya, me zai hana a ajiye motar a kan titin a ɗauka gaba ɗaya a huta?

Abba: Na kawo wannan shawarar Baffa. Tun bayan hoton aka fara haƙar lambatu a titin, duk an tara ƙasa da bulo. Shi ya sa yake son tsohon hoton.

Malam Nura: To ga lissafin da za ka tafi da shi. Ina kake son tayar gaba mafi kusa da mu ta taka?

Abba: Wajen 2300 daga sama, a ɓangaren hagu na titin.

Malam Nura: Hagun hoton daidai ne, tunda hannun dama muke bi kuma motar tana tahowa ne. Daga 1400 zuwa 2300 fiksel 900 ne. Wannan 900 ɗin shi ne mita 1.5 a daidai wannan nisan. Ka raba, mita ɗaya ta zama fiksel 600. Tayar Corolla mai rim 15, irin 195/65, tsayinta wajen santimita 63 ne, don haka a hotonka za ta ci fiksel 380 ko kusa da haka. Da taya nake auna mota kullum, domin ita ce ke taɓa ƙasa a daidai inda na yi lissafi. In ka danna Ctrl+T kana girmama motar, tayar nan kake kallo. Ta kai 380, ka tsaya, sai ka ɗaga kai ka duba ko rufi ya zo dab da layin ido. In duka biyun sun yi daidai, motar ta zauna tun kafin ka sa mata inuwa.

Nisa ma yana da muhimmanci. Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana wajen milimita 26, kuma a hoto mai faɗin 4000, mita ɗaya ta ci fiksel 600 yana nufin abin yana nesa da kai kamar mita 5. To ka tsaya mita 5 daga tayar gaba. In ka matsa mita 2, gaban motar zai kumbura bayanta ya tsuke. In ka koma mita 20 ka jawo, tayar gaba da ta baya za su zo kusan girma ɗaya, alhali titin da ke ƙarƙashinsu yana tsukewa da sauri.

Wannan lissafin yana aiki ne in titin a shimfiɗe yake kuma wayar ba a duƙe take sosai ba. Naka ya cika duka biyun, turakun wutar a miƙe suke.

Ummi: Yi haƙuri in tambaya, ni da fensir nake zane, ba kwamfuta ba. Na ɗauka maganar zanen hannu ake. Wannan layin idon yana aiki a takarda?

Hajara: Daga takarda ma aka ɗauko shi ƙanwata. Ke naki ya fi sauƙi, domin ke za ki gina motar. Fara zana akwati mai kusurwa huɗu a ƙasa, dogayen gefunansa su nufi ɗigon da titin ya nufa, ki sa tayoyin a gefunan, sannan ki ɗaga akwatin sama. In motar tana shan kwana, ɗigonta zai bar na titin ya koma gefe, amma yana nan a kan layin ido ɗin dai.

Ummi: Na gode Anti. Zan gwada da akwatin.

Abba: Na dawo. Na je jiya da rana na ɗauko, kuma wallahi bambancin a fili yake, ko inuwa ban sa ba ta fi waccan zama. Tayar ta zo 385, rufi yana ƙasa da layin kaɗan. Saura inuwa. Hoton titin an ɗauke shi ne a watan Disamba wajen sha biyu da rabi, inuwar turaku duk ta faɗi dama.

Malam Nura: Madalla. In a Kano ne, titin nan yamma yake kallo. A Disamba da tsakar rana, rana tana kudu da mu, tsayinta wajen digiri 55, inuwa tana faɗuwa arewa, tsawonta kamar kashi bakwai cikin goma na tsayin abin. Auna allon sanarwar nan da inuwarsa ka gani.

Abba: Allon 1000, inuwarsa 710. A kwance take sak, ta tsallaka zuwa dama.

Malam Nura: Ka yi sa'a, wannan ce inuwa mafi sauƙin zanawa, domin a kwance take a ko'ina cikin hoton. Yanzu inuwa uku za ka yi, kowace da leyarta, duk a ƙarƙashin leyar motar.

Ta farko ita ce ta rana. Kowane ɗigo a jikin motar yana jefa inuwarsa dama da inda yake, nisan kashi bakwai cikin goma na tsayinsa, ana aunawa daga ƙasan da ke ƙarƙashinsa. Gefen rufi yana mita 1.45, inuwarsa za ta faɗi wajen mita ɗaya daga ƙasan da ke ƙarƙashinsa. Gefen bonet bai kai mita ɗaya ba, tasa ba za ta wuce santimita 60 zuwa 70 ba. Ka sa waɗannan ɗigogin, ka haɗa su da Pen Tool. Ka tuna mita ɗaya a wajen tayar baya ba 600 ba ce, ta ragu. Auna daga inda tayar baya ta taka zuwa layin ido, ka raba da 1.5. Kuma dogon gefen inuwar, wanda ya bi tsawon motar, shi ma ɗigon da motar ta nufa yake nufa.

Ta biyu duhun ƙarƙashin mota ne. Tsakanin cikin motar da kwalta bai kai santimita 20 ba, hasken sama ba ya shiga sosai. Haɗa wuraren da tayoyi huɗu suka taka, har da wanda ba a gani, ka samu shimfiɗa mai kusurwa huɗu. Cika ta da duhu wanda ya fi inuwar rana ƙarfi, ya fi tsanani a tsakiya, yana sassautawa zuwa baki.

Ta uku ita ce ƙarama, kuma ita ce ke manna taya da ƙasa. Siririn duhu ne kusan baƙi, daidai inda roba ta haɗu da kwalta, kaurinsa fiksel biyar zuwa takwas a girman hotonka, yana ɓacewa nan da nan in ya bar tayar. Wannan kar ka yi masa Gaussian Blur mai yawa. Ko a ɓangaren da rana take haskawa akwai shi.

Mubarak: Ni gajeriyar hanya nake bi. In kwafi leyar motar, in cika ta da baƙi, in juya ta da Flip Vertical, in kwantar da ita da Distort. Ba sai na yi ta auna ɗigo ba.

Hajara: Wannan yana yi wa mutum a tsaye ko turke, domin wuri ɗaya suka taka. Mota wuri huɗu ta taka, a nisa daban-daban. In ka manna inuwar a tayar gaba za ta saki ta baya. Kuma siffar da kyamara ta gani daban take da wadda rana ta gani. Mu gaban motar muke kallo, rana kuwa daga gefe da sama take bugunta.

Abba, tunda kai ka ɗauki motar a lokaci ɗaya da rana a ɓangare ɗaya, ai inuwarta ta gaskiya tana cikin hotonka. Kar ka yar da ita. Kwafi ƙasan da inuwar take kai zuwa wata leya, cire masa kala, ka ja Levels har ƙasan da rana ta haska ya koma fari inuwar kaɗai ta rage, ka sa leyar a Multiply. Duka ukun da Malam ya lissafa suna ciki.

Malam Nura: Wannan ta fi tawa in ƙasan da ya ɗauka a kai sumul yake. Amma wata nawa ne tsakani? Disamba aka ɗauki titin.

Abba: A kan siminti na ɗauka, sumul ne. Amma inuwar ta fi gajarta, yanzu muna ƙarshen Fabrairu.

Malam Nura: Rana ta ƙara hawa, shi ya sa. Nan da ƙarshen Afrilu ma a tsakar ka za ta riƙa tsayawa a Kano. Ɗauki shawarar Hajara don duhun ƙarƙashi da na bakin taya, ita kuma ta rana ka ƙara mata tsawo da hannu har ta kai awon allon.

Sadiq: Game da kala, kar ka yi amfani da baƙi. Ɗauki Eyedropper ka tsoma a inuwar turken, ka cika taka da wannan kalar, ka sa Multiply. Shi ke nan sun zama iri ɗaya.

Malam Nura: Tsoma Eyedropper a inuwar turke daidai ne. Amma in ka sa wannan kalar a Multiply ɗari bisa ɗari, duhun zai ninku. A ce kwalta a rana tana 150, a inuwa tana 80. Multiply zai ninka 150 da 80 ya raba da 255, ka samu 47. Inuwar motar ta fi ta turken duhu nesa ba kusa ba. Ko dai ka rage Opacity kana duba lambobin a Info, F8 ke buɗe shi, har su zo 80, ko ka yi abin da na fi so, ka sa Curves a kan titin, ka ja shi ƙasa har kwalta ta kai duhun inuwar turke, sannan ka bar shi ya bayyana a cikin siffar inuwar kaɗai. Ta haka tsakuwar kwalta da tsagunta suna nan ana gani a cikin inuwar.

Wani abu kuma, in inuwar motar ta hau kan inuwar turke, kar wurin ya ƙara duhu. Rana ɗaya ce, an riga an tare ta. Goge naka a inda suka haɗu.

Sadiq: Na karɓi lissafin. Amma ni ina ƙara shuɗi kaɗan a inuwa kullum, domin sama ce ke haska ta.

Hajara: A hoton Disamba da hazo? Dubi saman hoton nan, fari-fari ne mai ƙura, babu shuɗi a ciki. Inuwar turken ma toka-toka ce mai ɗan ja.

Sadiq: Ko da hazo akwai shi kaɗan. Kuma a bugu yana sa hoto ya fi kyau.

Hajara: Ni abin da ke cikin hoton nake bi. Kowa ya buga nasa a gani.

Ɗan Maraɗi: Sannunku da aiki. Ni matsalata babur ce, kuma a waya nake aiki da PicsArt. Na sa shi a titi da la'asar, rana tana gabana, inuwar turaku tana tahowa wajena amma kowace ta nufi wani ɓangare, na hagu sun yi hagu, na dama sun yi dama. Wace zan bi?

Malam Nura: Duk ɗaya suke bi, nisa ne ya baza su a ido kamar yadda ya tsuke gefunan titi. Ja layi daga ƙarshen inuwar turke ɗaya ka bi ta gindinsa ka miƙa. Yi wa na biyu haka. Za su haɗu a kan layin ido, daidai ƙarƙashin inda rana take. Daga wannan ɗigon sai ka ja layi ta inda tayar babur ta taka, ka ci gaba zuwa wajenka. Nan inuwar tayar za ta kwanta. Kowace taya da nata layin.

Ɗan Maraɗi: Na gane. Amma babur ɗin babu kowa a kai, yana tsaye a miƙe. Abokina ya ce akwai abin da bai yi ba, ya kasa faɗa.

Baffa: Wannan ni zan amsa, na yi shekaru a kan babur kafin in zauna gaban kwamfuta. Babur ba ya tsayuwa a miƙe shi kaɗai. Ko yana kan babban jak, ka ga ƙafafun jak ɗin biyu a ƙasa taya ɗaya ta ɗan ɗaga, ko yana kan jak ɗin gefe, ya kwanta hagu, kansa ma yawanci ya juya hagu. A kan na gefe wuri uku ya taka, taya biyu da ƙafar jak. Duba ko ba ka goge jak ɗin ba lokacin yanka, siriri ne, yana tafiya da bango.

Kuma kar ku riƙa juya hoton babur dama zuwa hagu don ya dace da rana. Irin Boxer da muke hawa salansa a dama take, sarƙa da jak a hagu. Duk ɗan acaba kallo ɗaya zai yi ya gane. Mota ma haka, sitiyari ya koma dama, lamba ta karantu a baibai.

Ɗan Maraɗi: Wallahi jak ɗin ne, babu shi. Na gode Baba.

Malam Nura: In ka dawo da shi ka ba ƙafarsa nata ɗan duhun. Inuwar babur kuma ba dunƙule ba ce irin ta mota. Haske yana ratsa tsakanin wayoyin taya da ƙarƙashin inji. A wajen taya bakinta kaifi ne, amma inuwar madubi da kan babur, da yake sun fi nisa da ƙasa, bakinsu ya fi laushi.

Abba: Nawa babur ɗin da mahayi ne, kuma can baya. Na sa tayarsa ta taka a 1700. In na bi lissafin Malam, 300 ne mita 1.5, mita ɗaya 200. Babur ɗin wajen mita 1.1, wato 220. Kan mahayin ya ɗan haura layin ido. Daidai ne?

Malam Nura: Daidai. Sirdi wajen santimita 80 ne, mutum a zaune ya ƙara kusan 85 zuwa 90, dole kansa ya ɗan wuce jeri na shida. A wannan nisan ka rage masa kaifi da ƙarfin baƙi, ka dubi yadda hazo ya dusar da katangar da ke kusa da shi ka bi.

Abba: Ga inda na kai. Na sa duka ukun. Ya fi da, amma tayar gaba har yanzu kamar tana tsaye a kan tsini.

Hajara: Na jawo hoton na gani. Abu biyu ne. Akwai siririn farin layi a ƙasan tayar, ragowar simintin da ka ɗauka a kai, ya shiga tsakanin roba da inuwa. Zaɓi motar, Select > Modify > Contract, fiksel ɗaya ko biyu, ka rufe abin da ya rage a waje. Na biyu, lokacin yanka ka zagaye ƙasan tayar ya zama da'ira cikakkiya. Taya mai ɗauke da mota tana ɗan bajewa, wurin da ta taka miƙaƙƙe ne kamar tsawon tafin hannu. Daidaita ƙasan, kuma miƙaƙƙen wurin ya bi layin da ya haɗa tayar gaba da ta baya.

Baffa: Kuma akwai yashi a gefen titin nan. Bari ɗan yashin ya hau kan robar kaɗan, kar layin ya yi tsabta da yawa.

Abba: Na gyara tayar, yanzu ta taka. Saura gilashin gaba, bishiyar da ke ƙofar makarantar tana nan a jikinsa, titin kuma babu bishiya ko ɗaya. In goge ta gaba ɗaya, ko in rufe da kalar sama?

Hajara: Kar ka goge duka, gilas zai koma kamar rami. Turo shi babba in gani, akwai wurin da kujerun ciki suke fitowa ta bayan ganyen.